Bulo ya yi yawa, siminti ya yi kaɗan: gwada lissafin magini da zanen gida

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina shirin fara gini a filina da ke Rigachikun, gida mai ɗaki uku da falo, na ƙasa ne ba bene ba. Magini ya kawo mini lissafin kaya daga fandisho har inda za a ɗora rufi: bulo inci tara 2,600, inci shida 1,000, siminti buhu 220, rodi mai lamba 12 tan ɗaya, rodin ringi guda 30, tsakuwa da yashi tifa huɗu-huɗu. Ga hotunan zanen nan na turo. Yaya zan gane ko kayan sun yi daidai da awon da ke jikin zanen? Ba na son in zargi bawan Allah, kuma ba na son a cuce ni."

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa a gama lafiya. Na zauna da hotunan da kalkuleta, kuma abin da na gani a taƙaice shi ne bulo inci tara ya yi yawa, rodin 12 ya kusa ninka abin da ake bukata, siminti da ringi kuwa sun gaza. Waɗanda suka gaza ɗin sun fi damuna a kan waɗanda suka yi yawa. Amma zan bi da kai hanyar da na bi, domin ka iya maimaita lissafin da hannunka, ka kuma zauna da maginin kana sane da abin da kake tambaya.

Kafin ka taɓa kalkuleta, ka tabbatar zanen da ke hannunka shi ne maginin ya yi lissafi da shi. Sau da yawa mai gida yana riƙe da wanda aka buga wa hatimin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, magini kuma yana riƙe da wani tsohon kwafi na kafin a ƙara sito ko a faɗaɗa falo, sai a yi ta gardama a kan gidaje biyu daban. Sannan ka yi aiki da lambobin da aka rubuta a jikin zanen, kada ka ɗora rula kana aunawa. An zana shi a kan ma'aunin 1:100, amma da zarar an yi masa fotokofi ko an ɗauke shi a waya, ma'aunin ya tashi daga aiki. Lambobin kuma milimita ne: inda ka ga 3600, mita 3.6 ke nan, abin da birkila zai kira ƙafa goma sha biyu. Ka zaɓi mita ka tsaya a kanta har ƙarshe, domin gauraya ƙafa da mita a lissafi ɗaya shi ne ya fi kawo kuskure. Na kuma gwada zanen naka da kansa. A gefen gaba akwai bango 225, ɗaki 3600, bango 150, ɗaki 3600, bango 150, falo 4050, bango 225. Idan ka haɗa su za ka samu 12000, daidai da jimlar da aka rubuta a waje. Da bai zo daidai ba, da wurin mai zanen za ka fara komawa, ba wurin magini ba.

Lamba ɗaya ce kusan komai ya rataya a kanta, wato tsawon bangon gidan gaba ɗaya. Daga ita bulo ke fitowa, da kankaren fandisho, da linta, da rodin linta. Idan ka same ta daidai, sauran duk ninkawa ne.

Gidanka mita 12 ne a tsawo, 10 a faɗi, awon waje. Kewayensa 44 ke nan. Sai dai idan ka yi amfani da 44 ka ƙirga kowace kusurwa sau biyu, domin bulon da ke kusurwa na bangon gaba ne kuma na bangon gefe ne. Don haka ake cire kaurin bango sau huɗu. Inci tara shi ne 0.225, sau huɗu ya ba da 0.9, saura 43.1. Wannan shi ne tsawon bangon waje idan ka bi ta tsakiyarsa. Bangayen ciki kuwa sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kana auna kowanne daga fuskar bangon da ya taso zuwa fuskar wanda ya tarar. Ka ɗauki jan biro ka ja layi a kan duk wanda ka ƙirga, domin 'yan gajerun bangayen banɗaki da na sito su ne mutum yake tsallakewa ko ya maimaita. Ni na samu mita 36, dukansu inci shida. Waje da ciki, mita 79.1.

To, bulo. Na kasuwarmu tsawonsa milimita 450 ne, tsayinsa 225, ko inci tara ne ko inci shida, kaurin ne kawai ya bambanta. Guda goma ke rufe sikwaya mita ɗaya, kuma wannan goman ma da ɗan sassauci a ciki, domin kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo yana cin nasa wurin. Tsayin bangon ba ya cikin zanen da ke nuna ɗakuna. Yana cikin wanda ya yanka gidan daga sama zuwa ƙasa, kuma a naka an rubuta 3000 daga daɓe zuwa inda katakon rufi zai zauna. Bangon waje ke nan 43.1 sau 3, sikwaya mita 129.3.

Yanzu sai cire wuraren da ba bulo a cikinsu, kuma a nan ne mafi yawan lissafin maginai yake kumbura. Kana da manyan tagogi takwas, kowace 1.2 da 1.2, sun tashi 11.5. Ƙananan tagogin banɗaki uku, 0.6 da 0.6, sun tashi 1.1. Ƙofar shiga 1.2 da 2.1, ta baya 0.9 da 2.1, su biyun 4.4. Duka 17. Sannan zanen ya nuna linta mai zagaye gidan baki ɗaya, tsayinta daidai da layin bulo ɗaya, kuma kankare ce ba bulo ba: 43.1 sau 0.225, wato 9.7. Ka cire 17 da 9.7 daga 129.3, saura 102.6. Bulo 1,026.

Fandisho duk inci tara ne, har ƙarƙashin bangayen ciki. Zanen ya ba da milimita 900 daga saman kankaren rami zuwa ƙasan daɓe, layi huɗu ke nan. 79.1 sau 0.9 ya ba da 71.2, bulo 712. Idan ka bi ta hanyar birkila ma wuri ɗaya za ku sauka: raba 79.1 da 0.45, layi ɗaya yana cin bulo 176, layi huɗu 704. Ka riƙe wannan 176 ɗin da kyau, za mu dawo kanta.

Inci tara gaba ɗaya 1,738. Ka ƙara biyar cikin ɗari saboda wanda zai fashe wajen saukewa da wanda za a sare a yi rabi, ya zama 1,825. Ban ma cire wurin da fila goma sha huɗu za su tsaya ba, wanda ya kai bulo ɗari da 'yan kai, na bar shi a matsayin rara. Inci shida hanya ɗaya ce: 36 sau 3 shi ne 108, cire linta 8.1 da ƙofofin ciki bakwai 12.3, saura 87.6, bulo 876, da ƙarin fashewa 920. Maginin ya rubuta 1,000. Wannan ban ga abin magana a ciki ba, tazarar ba ta kai goma cikin ɗari ba, kuma bulo inci shida ya fi saurin karyewa.

Amma 2,600 da 1,825, tsakaninsu akwai bulo 775. Kada ka yi saurin yanke hukunci, domin akwai abubuwa na gaskiya da ke iya cinye wannan adadin waɗanda zanen ɗakuna ba ya nunawa. Da rufin mai gangara biyu ne, da za a ja bango mai tsini a gefe biyu, faɗin mita 10 da tsayin kamar mita 2, wajen bulo 200. Da za a yi bangon da ke ɓoye kwano a sama, layi huɗu a kewayen gidan zai ci kusan 400. Na duba zanen rufinka, mai gangara huɗu ne kuma kwano ya leƙo waje, saboda haka babu ko ɗaya daga cikin biyun. Saura abu biyu da ba zan iya gani daga nan ba. Na farko sokawe, idan ya haɗa ta a lissafin bai rubuta ba. Na biyu yanayin filin. Zane yana ɗauka ƙasa a shimfiɗe take, fili kuwa ba ruwansa da zane. Idan filinka yana gangarawa, ko yana ƙasa da titi har ruwan damina zai iya shigowa, dole a ɗaga fandisho, kuma kowane layi ɗaya da aka ƙara bulo 176 ne. Duk wanda ya ga yadda ruwan Agusta yake kwanciya a unguwannin Kaduna da ke kwari ba zai yi gardama da maginin da ya ce a ƙara layi ba. Amma kafin 775 ya ƙare a fandisho sai an ƙara layi huɗu, wato ginin ya ɗagu da kusan mita guda a kan abin da aka zana. Wannan ba abu ne da zai ɓuya ba. A je filin da tiyon lebur, a ɗauki tsayin kusurwoyi huɗu da na titi, a ga bambancin.

Zatona kuwa, maginin bai zauna ya yi maka ƙari da gangan ba, lissafin ka ne irin na masu aikin hannu. Ka gwada: ya ɗauki kewaye 44 sau 3 bai cire taga ko ƙofa ko linta ba, 1,320. Ya sa fandisho layi biyar, wajen 890. Ya ɗora goma cikin ɗari, ya kai 2,430. Sai ya ce bari a cika 2,600 kada a zo ana neman bulo rana tsaka. Kowane mataki da ɗan dalilinsa, amma kuɗin bulo ɗari bakwai daga aljihunka zai fita, kuma bulon da ya kwana biyu a fili ba mai gadi ba ya zama yadda aka ajiye shi.

Siminti ne inda nake so ka fi natsuwa. Buhu 220 a dunƙule ba ya gaya maka komai, sai an warware shi aiki-aiki. Abin da ake bukata a sani kaɗan ne. Buhu kilo 50 ne, kuma yana cika kwanon lebura biyu. Kankare mai haɗin 1:2:4, wato kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, yana cin buhu shida da ɗan ɗori a kowace kubik mita, ni ina lissafi da 6.3. Mai haɗin 1:3:6 yana cin kimanin 4.4. Kubik mita kuwa tsawo sau faɗi sau kauri ne, ba wani abu ba.

Kankaren ramin fandisho, zanenka ya ce faɗi 675, kauri 225, haɗin 1:3:6. Ka ninka 79.1 da 0.675 da 0.225, kubik mita 12 ke nan, buhu 53. Jaman fulo, wato kankaren daɓe, an rubuta kauri 150 da haɗin 1:2:4. 12 sau 10 sau 0.15 ya ba da kubik mita 18, buhu 113. Ka lura, wannan aikin shi kaɗai ya cinye rabin abin da maginin ya rubuta. Linta ta waje da ta ciki kubik mita 3.4, fila goma sha huɗu masu 225 da 225 da tsayin mita 3.9 kubik mita 2.8, su biyun buhu 39. Ɗora bulo kuma, buhu ɗaya yana ɗora inci tara kamar 45 zuwa 50, inci shida wajen 60, gwargwadon hannun birkila da irin yashin. Na sa buhu 39 da 15, wato 54. Akwai kuma wata 'yar rubutacciyar magana a gefen zanen fandisho da mutane ba sa karantawa, cewa a cika ramukan bulon fandisho da kankare. Ramukan sun kai kusan rabin cikin bulon, a guda 712 za su sha wajen kubik mita 7, buhu 30.

Ka haɗa: 53, 113, 39, 54 da 30, buhu 289. Da ɗan abin da zai zube ko ya daskare, ka ce 300. Ba filasta a ciki, ba tayil.

Ina buhu tamanin suka tafi? Gwada wannan. Idan aka zuba jaman fulo inci huɗu maimakon shida, aka kuma sassauta haɗin zuwa 1:3:6, kubik mita 12 ne sau 4.4, buhu 53 maimakon 113. An rage 60. Idan aka cika bulon fandisho da jar ƙasa da ɓaraguzai maimakon kankare, an rage 30. Ga tamanin ɗinka har da canji. Wato 220 ba kuskuren ƙidaya ba ne, lissafin wani gini ne daban da wanda aka zana maka. Ko dai haka maginin ya saba yi kuma haka yake nufin yi a naka, ko kuwa ya rage ne don jimlar kuɗin ta yi daɗin ji ya samu aikin, in an kai rabi ya ce Alhaji siminti ya ƙare. A lokacin ba ka da zaɓi, ga rami a buɗe ga leburori suna jira.

Ban ce dole sai inci shida ba. Akwai gidajen ƙasa da yawa da aka zuba wa daɓen inci huɗu a kan cikon da aka daddage da kyau, kuma suna nan lafiya. Amma wannan shawara ce da injiniyan da ya yi zanen zai yanke bayan ya ga ƙasar wurin, kai kuma ka sani ka yarda. Ba abu ne da za a yanke maka a ɓoye cikin adadin buhu ba. Bulon da ya yi yawa kana ganinsa a jibge, za ka iya mayarwa ko ka ja katanga da shi. Simintin da aka rage a cikin kankare ba mai ganinsa, sai bayan shekara biyu ko uku tayil ya fara tsagewa ko damshi ya fara hawa bango. Shi ya sa idan takarda biyu suka zo gabana, wadda ta fi araha ita nake fara bincika.

Rodi ba a zanen ɗakuna ake samunsa ba, a zanen injiniya yake, kuma ka yi dace naka yana da shi. Inda aka rubuta 4Y12 a jikin fila ko linta, ana nufin rodi huɗu masu kaurin milimita 12. Inda aka rubuta R8@200, ringi ne na milimita 8, tsakanin kowanne da na gaba milimita 200, wato inci takwas. Ana sayar da rodi a tsawon mita 12. Nauyin mita ɗaya kuma ana samunsa da wannan, inda d yake kaurin rodin a milimita, amsar kuma kilo ce:

```
d × d ÷ 162
```

Na 12 ya ba da kilo 0.89 a mita, sanda ɗaya kilo 10.7, saboda haka tan ɗaya sanda 93 ne ko 94. Yanzu mu ga nawa gidan yake so. Fila goma sha huɗu, kowace da rodi huɗu, 56. A aikace biyu ake yanka kowanne: na ƙasa mai lanƙwasasshiyar ƙafa da ake dasawa a fandisho, kamar mita 2 har da abin da zai leƙo sama a ɗaura, da na sama mita 3. Sanda ɗaya tana ba da na mita 3 guda huɗu, sanda 14 ke nan. Tana ba da na mita 2 guda shida, sanda 10. Fila sun ci 24. Na bi ta yanka ne da gangan maimakon in raba jimlar tsawo da 12, domin guntun da ya rage a sanda ba kullum yake da amfani ba. Linta kuma 79.1 sau huɗu, mita 316, a ƙara goma cikin ɗari saboda inda rodi ke hawa kan rodi a ɗaure da kuma lanƙwasar kusurwa, 348, sanda 29. Duka 53. Ka sa 56 ko 58 hankali kwance. An rubuta maka 93. Sai ka tambaya ko akwai rodi a cikin fandisho ko murfin sokawe da ya sa a ransa, domin zanen bai nuna ba. Idan babu, sanda talatin da biyar ba su da wurin zuwa.

Ringi kuma akasin haka. Kowane ɗaya yana cin kamar mita 0.85 idan an haɗa da ƙugiyarsa. Fila ɗaya tana ɗaukar 20, goma sha huɗu 280. Linta, 79.1 a raba da 0.2, kusan 396. Jimla 676, mita 575, sanda 48, ko ƙasa da haka kaɗan tunda na lintar ciki sun fi ƙanƙanta. Sanda 30 za ta isa ne kawai idan aka buɗe tazarar ta wuce ƙafa guda. Mai ɗaurin rodi yana son hakan domin aikinsa ya ragu, kuma da an zuba kankare magana ta ƙare. Ranar da aka ɗaura, kafin kafinta ya rufe da katako, ka sa tef a tsakanin ringi biyu ka gani da idonka.

Idan ka je sayen rodin, ko a kasuwar Panteka ko a wani wuri, ka tafi da tef. Ba kowace sanda da ake kira mita 12 ce take cika 12 ba, kuma akwai wanda ake kira mai lamba 12 alhali bai kai ba. Sandar da ta gaza da rabin mita ba za ta ba ka na mita 3 guda huɗu ba, uku za ta bayar da guntu, lissafin fila ya rushe ke nan. In da hali a ɗora sanda ɗaya a sikeli, idan ta yi ƙasa da kilo goma sosai ka san an rage mata jiki.

Tsakuwa da yashi ba zan iya ce maka sun yi ko ba su yi ba, domin tifa ba ma'auni ba ce. Akwai ƙarama, akwai mai tan ashirin, akwai mai talatin. Abin da zane ya ba mu shi ne kankare duka kubik mita 43, kuma kowace kubik mita tana cin kusan 0.9 na tsakuwa da rabin haka na yashi. Tsakuwa wajen kubik mita 39 ke nan, kimanin tan 60, tifa uku masu tan ashirin. Idan huɗun da ya rubuta irin waɗannan ne, ɗaya ta yi yawa. Idan ƙanana ne, ba za su kai ko'ina ba. Ya rubuta tan nawa kowace take ɗauka, ya kuma raba yashin kankare mai kaushi da mai laushi na ɗora bulo.

Game da zama da shi, kada ka je masa da sikwaya mita da kubik mita, ba da su yake tunani ba, kuma zai ji kamar ka ɗauko wani ya zo ya ƙure shi. Yi masa magana da layi da buhu. Malam, fandishon nan layi nawa ka sa? Layi ɗaya bulo nawa zai ci? Daga daɓe zuwa linta layi nawa, a saman linta nawa? Jaman fulo inci nawa za ka zuba, kuma buhu ɗaya kwano nawa na yashi da na tsakuwa? Sokawe tana ciki? Wanda ya san aikinsa zai amsa waɗannan a tsaye, sau da yawa ma shi da kansa zai ce a'a, bulon nan ya yi yawa, a rage. Wanda ya fara cewa ai haka muke yi, ko ai ba a yi wa gini lissafi, to ka san inda ka tsaya. Sannan ka roƙe shi ya sake rubuta takardar mataki-mataki: fandisho zuwa daɓe da kayansa, daɓe zuwa linta da kayansa, linta zuwa sama da kayansa, kowanne da kauri da haɗin da zai yi amfani da shi a rubuce. Ni abin da nake bi, tazarar da ba ta wuce goma cikin ɗari ba ina barinta, domin lissafin takarda bai san bulon da zai faɗo daga mota ba. Abin da ya haura haka, sama ko ƙasa, sai an faɗa mini dalili.

Kada kuma ka sayi kayan gaba ɗaya. Siminti musamman, idan aikin zai shiga damina, buhun da ya yi wata biyu a ɗaki mai damshi ya fara ƙullutu. Fara da na fandisho: bulo inci tara 750, siminti kamar buhu 105 na kankaren rami da ɗora layi huɗu da cika ramuka da gindin fila, sai sanda goma na rodin da za a dasa da 'yan na ringi. Ranar da aka gama layin farko, ka zagaya ka ƙirga bulon da ke ƙasa ɗaya-ɗaya. Saboda kwaɓin tsakani da gurbin fila, ya kamata ka samu tsakanin 160 da 175. Idan ka samu haka, tsawon bangon da muka yi lissafi da shi daidai ne, sauran lambobin ma za ka iya dogara da su. Idan ka samu 190 ko 200, a dakata da layi na biyu a ɗauko tef, domin ko dai an fitar da gidan ya fi zanen girma, ko an ƙara bangon da ba ya ciki, ko kuma bulon da aka kawo maka bai kai 450 ba.